Yadda mai shago zai yi idan santsi ya kayar da mai saye ya ji rauni

Aikina shi ne bi wa masu shaguna sawun takardun inshora a Kumasi, daga Adum zuwa Alabar da Aboabo, kuma cikin rigingimun da suke zuwa hannuna babu wadda ake yawan ɓata ta tun ranar farko kamar faɗuwar mai saye a cikin shago. Gobara kowa ya san girmanta. Faɗuwa kuwa sai a ce ai ƙaddara ce, a yi sannu, a watse. Bayan wata biyu takardar lauya ta iso, a lokacin an wanke wurin, kyamara ta goge hoton ranar, yaron shagon da ya ga abin ya koma Tamale. Abin da ka yi a sa'ar farko da kwana biyun da suka biyo ta shi ne yake yanke ko za ka biya abin da ya dace, ko abin da ya fi ƙarfinka.

Abubuwan da za ka tanada tun kafin komai ya faru

Littafi mai bangon kwali, wanda ba a yage masa shafi, na rubuta lokutan shara da duba ƙasa. Biro a ɗaure a jikinsa. Waya mai ɗaukar hoto. Bokiti da tsumma da omo, da buhun dusar katako ko yashi idan kana sayar da mai, domin ruwa ba ya ɗauke man gyaɗa ko manja daga kan tayil, shimfiɗa shi yake yi. Allon gargaɗi mai launin rawaya. In babu, kujerar roba biyu da igiya sun isa su tare wuri. Tabarmar roba mai kama ƙasa a bakin ƙofa saboda damina. Ƙaramin akwatin agajin farko: bandeji, auduga, filasta, safar hannu. Sai kwafin takardar inshorarka da rasit ɗin biyan kuɗinta, da lambar wakilin da ya yi maka ita, a rubuce a bango kusa da kanta, ba a cikin wayarka kaɗai ba, domin ranar da abin zai faru wataƙila kana masallaci ko kana Tema wajen kaya.

Inshorar da ake magana ita ce ta alhakin jama'a, wadda a ofisoshinsu suke kira fablik layabiliti. Dabam take da ta gobara. Mutane da yawa suna riƙe da ta gobara suna zaton ta rufe komai, sai ranar buƙata su tarar babu. Dokar Inshora ta 2021, mai lamba 1061, ta wajabta ta a kan wasu rukunin wuraren kasuwanci da jama'a suke shiga, don haka ka sa dillalin inshora ko Hukumar Inshora ta Ƙasa, wato NIC, su faɗa maka ko shagonka ya shiga ciki. Kuma ka sani a Gana in ba a biya kuɗin inshora ba, babu kariya, ko da takardar tana hannunka. Wanda ya ce zai biya ƙarshen wata, aka faɗi a shagonsa tsakiyar wata, shi kaɗai zai ɗauka.

Abin da doka take nema daga gare ka, a taƙaice

Wanda ya shigo saye, doka tana ɗaukarsa a matsayin wanda ka gayyata, ko da ya fita bai sayi komai ba. Haƙƙinsa a kanka shi ne ka yi iyakar kulawar da mai hankali zai yi don kare shi daga haɗarin da ba a saba gani ba, wanda ka san da shi ko ya kamata ka sani. Ba a ce duk wanda ya faɗi sai ka biya ba. Tambayar alƙali ita ce: tun yaushe man yake ƙasa, kuma me aka yi a kai? Man da wani mai saye ya zubar yanzun nan, kafin a ɗauko tsumma wata ta taka, maganarsa dabam da wanda ya yi rabin awa yaron shago yana tsallake shi. Alhakin kuma yana kan mai riƙe da wurin, wato kai mai haya, ba mai gida ba, sai dai in wurin na tarayya ne kamar matakala ko baranda da mai gida ko hukumar kasuwa take kula da shi. Sakacin yaronka a bakin aiki sakacinka ne.

1. Riƙe littafin duba ƙasa

Wannan mataki kafin faɗuwa yake, amma shi ne ƙashin bayan duk sauran. Ka sa a zagaya shagon a kan lokaci, misali duk awa ɗaya, a ranar kasuwa ko ranar ruwan sama kuwa duk rabin awa. Wanda ya duba ya rubuta lokaci, ya rubuta abin da ya gani, ya sa hannu: "10:30, ruwa a gaban firij, na goge." Layi ɗaya ya isa. In yaron bai iya boko ba ya rubuta da ajami, in bai iya ko ɗaya ba ya ɗauki hoton ƙasan da waya ya tura maka, wayar za ta riƙe lokacin da kanta.

Wuraren da aka fi faɗuwa sanannu ne: gaban firij ɗin ruwan leda inda raɓa take ɗiga, wurin da ake auna mai daga jarka zuwa kwalba, inda shinkafa ko wake suke zuba daga buhu, da bakin ƙofa a damina, musamman daga Afrilu zuwa Yuli da kuma Satumba da Oktoba, lokacin da kowa yake shigowa da jiƙaƙƙen silifa kan tayil mai sheƙi. Allon gargaɗi yana taimakawa, amma ba ya wanke ka shi kaɗai. Tsohuwar da ba ta karanta Turanci ba, ko mai ɗauke da kaya a ka wadda ba ta iya kallon ƙasa, allon bai gargaɗe ta ba. A faɗa da baki, a tare wurin, a goge.

Kada ka cika littafin bayan abu ya faru. Ana ganewa: biro ɗaya, hannu ɗaya, shafi fes babu ko ɗigon mai. Littafin ƙarya ya fi rashin littafi cutar da kai, kuma kamfanin inshora yana iya ƙin biya gaba ɗaya a kan haka.

2. Fara da mutumin, ba da ƙasan ba

Da ya faɗi, kowa zai ruga ya ɗaga shi. Ka hana. Ka durƙusa ka tambaya: "Sannu Hajiya, ina ne yake miki ciwo? Kanki ya bugu?" In ta ce wuya ko baya ko ƙugu, ko ka ga ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, wanda yawanci alamar karayar ƙugu ce a wurin tsofaffi, a bar ta inda take, a rufa mata zane, a kira 112 ko 193 don motar asibiti. In kai ne ya bugu, amai ko rikicewar magana ko barci mai nauyi duk alamu ne na gaggawa, kuma suna iya bayyana bayan sa'o'i, saboda haka a faɗa wa 'yan gidanta su lura. Hannu ko idon sawu da ya kumbura, a tallafe shi da kwali da bandeji a yadda yake. Ba a ja, ba a murza man zafi. Ruwa da abinci ma a dakata, ko za a buƙaci yin aiki a asibiti.

In raunin na tafiya da tasi ne, ka biya tasin, ka haɗa ta da wani naka babba, ba ƙaramin yaro ba. Karaya mai tsanani sashen haɗari da gaggawa na Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye ake nufa. Mai sauƙi, asibitin gwamnati mafi kusa kamar na Manhyia. 'Yan Ankara kuma suna da Korle Bu da Ridge da Mamobi. A tambaye ta katin inshorar lafiya, in yana aiki zai rage wani abu.

Ga inda muke yawan samun matsala a zango. Da an ji karaya sai a ce a kai wa mai ɗori. Ban raina masu ɗori ba, amma ka roƙi dangi da girman Allah a fara zuwa asibiti a ɗauki hoton ƙashi, likita ya rubuta abin da ya gani da kwanan wata. In ba haka ba babu wata takarda da take nuna girman raunin a ranar da aka ji shi. In ɗorin ya karkace, ko wurin ya ruɓe saboda ɗaurin ya matse, bayan wata uku za a zo maka da hannu naƙasasshe, kuma babu mai iya rarrabe abin da faɗuwar ta yi da abin da jinyar ta ƙara. Ita ma mai raunin asara take yi, domin kamfanin inshora ba ya biyan diyya a kan labarin baki.

3. Ɗauki hoto kafin a goge

Ka sa mutum ya tsaya a wurin kada wani ya sake takawa, sannan ka ɗauki hoto daga nesa yadda za a ga ƙofa da kanta, da kuma na kusa da ke nuna abin da ya zube, faɗinsa, da sawun zamewar. Ka ajiye biro ko kwalba kusa da shi don a gane girmansa. In akwai sawun ƙafafu da yawa a cikin man, ko gefensa ya fara kama ƙura, wannan yana nuna ya daɗe, kuma ba zai yi maka daɗi ba, amma ka ɗauka duk da haka. Wakilinka ya fi iya kare ka in ya san gaskiya tun farko. Takalmin da ta sa ma a ɗauka in ta yarda. Fuskarta da rauninta kuwa sai da izininta, kuma kada hoton ya shiga zauren WhatsApp na 'yan kasuwa. Bayan nan a zuba dusa, a kwashe, a wanke da omo, a busar.

In kana da kyamarar tsaro, a kwafe hoton a ranar, domin yawancinsu suna goge tsohon ɗauka da kansu idan ma'ajiyar ta cika. Kada a yanko daƙiƙun faɗuwar kaɗai. A fara daga aƙalla awa ɗaya kafin nan, domin can ne ake ganin lokacin da abin ya zube da lokacin da aka duba ƙasa na ƙarshe.

4. Rubuta rahoto a ranar

A bayan littafin nan: kwanan wata, lokaci, daidai wurin, sunan mai raunin da lambar wani nata, abin da ya zube da wanda ya zubar in an sani, wanda ya yi dubawar ƙarshe, asibitin da aka kai ta. Shaidu biyu da lambobinsu, kuma gara waɗanda ba ma'aikatanka ba: mai saye da ke wurin, maƙwabcin shago, ɗan dako. Ka rubuta abin da aka gani da abin da aka faɗa kawai. "Ta ce tana amsa waya" magana ce; "ita ta ja wa kanta" hukunci ne, ba naka ba ne.

5. Yi jaje, amma kada ka yanke wa kanka hukunci

Kusan kowace takardar inshorar alhaki tana da sharaɗin cewa ba za ka amsa laifi ba, ba za ka yi tayin biya ko alkawarinsa ba, sai da yardar kamfanin. A al'adarmu kuwa abin kunya ne mutum ya ji ciwo a wurinka ka tsaya kana auna kalmomi. Ana iya haɗa biyun. Ka je dubiya, ka kai abin da ake kai wa marar lafiya, ka ce: "Hajiya, abin ya dame ni ƙwarai. Allah ya ba ki lafiya. Na sanar da masu inshorarmu, kuma ba za mu guje ki ba." Abin da ba za ka ce ba shi ne "laifinmu ne, duk abin da aka kashe a wuyana," domin ba ka san inda jinyar za ta tsaya ba, kuma an ji ka a gaban mutane.

Kuɗin gaggawa na ranar farko, kamar kati da hoton ƙashi, kada ka bar mutum a kwance kana jiran ofis. Ka kira wakilinka ka faɗa masa, ka biya a tagar asibiti ka karɓi rasit, ko ka tura ta momo, wato asusun kuɗi na waya, don ya bar shaida, ka rubuta a littafi cewa taimakon gaggawa ne. Daga nan kuma ka tsaya sai kamfanin ya yi magana.

Za ka ji an ce "na yafe, ƙaddara ce." Ka gode mata, kuma yawanci da zuciya ɗaya aka faɗa. Amma kada ka rufe maganar a kan haka. Dokar Ƙayyade Lokacin Ƙara ta 1972 ta ba mai rauni shekara uku ya shigar da ƙara a kan sakaci, kuma in yaro ne ya ji raunin lokacin yana iya wuce haka. Mai yafewa yau, jinya tana iya cinye jarinta, ɗanta ya dawo daga tafiya ya ga abin da wani ido. Ka ajiye littafin da hotunan da rasitai har shekarun su wuce.

6. Sanar da kamfanin inshora a rubuce

A ranar ko washegari, ko da babu wanda ya nemi ko sisi. Kiran waya bai isa ba. Ka bi shi da wasiƙa ko saƙo, ka riƙe kwafi. Jinkirin sanarwa yana cikin manyan dalilan da ake ƙin biya. Za su ba ka fom, su nemi rahoton likita da rasitai da hotuna, wataƙila su turo mai bincike ya duba shagon. Duk takardar da ta zo daga lauyan mai raunin, kada ka amsa, ka miƙa musu. In sammacin Babbar Kotu ne, kwana 8 kawai ake da su a shigar da takardar bayyana a gaban kotu, saboda haka ranar da aka miƙa maka, ranar za ka kai. Wanda ya jefa sammaci a durowa, ana iya yanke masa hukunci ba ya nan.

In wanda ya faɗi yaron shagonka ne, wannan inshorar ba ta shafe shi ba. Nasa yana ƙarƙashin Dokar Diyyar Ma'aikata ta 1987, da inshora dabam. In kuma kamfanin ya ƙi biya ko yana ta yi maka jeka-ka-dawo, NIC tana karɓar koke, kuma tana da ofis a Kumasi da Ankara.

7. Yadda ake lissafin diyya

Mu ɗauki misali, lambobin don a ga tsarin ne kawai. Shagon kayan masarufi a Aboabo. Yaro yana auna man gyaɗa, wani ya zuba a ƙasa da ƙarfe 11:00, aka kira shi sauke kaya ya bar shi. Ƙarfe 11:25 wata mai sayar da waina ta shigo, yaro na biyu ya ce mata ta bi ta hagu, ba ta saurara ba don tana magana a waya, ta zame ta dafa ƙasa, wuyan hannunta ya karye. Aka sa mata siminti na mako shida.

Kuɗin asibiti da magani bisa rasit, sidi 3,200. Kuɗin mota zuwa asibiti da dawowa, 400. Ribar wainar da ta rasa, a ce 500 a mako har mako shida, 3,000. Nan littafin adashinta ko shigar momo ɗinta ne zai zama shaida. Sai diyyar raɗaɗi da wahala, wadda ba ta da rasit, ana kimanta ta ne daga rahoton likita da irin hukuncin da kotuna suka yi a baya. A ce an daidaita a 8,000. Jimla 14,600.

Shagon yana da laifi, domin minti 25 man yana ƙasa kuma an san da shi. Amma ita ma an gargaɗe ta. Dokar Alhakin Farar Hula ta 1963, mai lamba 176, ta ce in mai raunin yana da nasa sakacin, ba a hana shi diyya, ana rage ta ne gwargwadon kasonsa. In aka sa mata kashi ɗaya cikin huɗu, za a cire 3,650, saura 10,950. Takardar inshorar kuma tana da kason farko da mai shago yake ɗauka da kansa, wanda suke kira ekses. In 1,000 ne, kamfanin ya biya 9,950, kai ka cika. Ka lura da inda ragin 3,650 ɗin ya fito: daga shaidar da ta ji lokacin da aka ce mata ta bi ta hagu. Da ba a rubuta lambarta a ranar ba, babu shi. Da kuma likita ya rubuta cewa hannun ba zai koma daidai ba, lissafin zai haura nesa da wannan, shi ya sa za ka duba iyakar abin da takardarka take biya a kan haɗari ɗaya. Abin da ya haura ta daga aljihunka zai fito.

8. Idan ba ka da inshora

Matakai na 2 zuwa na 5 suna nan yadda suke, sai dai yanzu kai ne za ka zauna sulhu. Kada ka zauna kai kaɗai da dangin, kuma kada a yi zaman a ranar da zuciya take tafasa. A nemi liman ko mai unguwa ko shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa, in abin ya girma a kai fadar Sarkin Zango. Dokar Sasanta Rigingimu ta 2010, mai lamba 798, ta amince da sulhu da sasantawar gargajiya, kotuna ma suna da sashen sulhu nasu. A jira rahoton likita na ƙarshe kafin a yanke adadi. Wanda aka yanke da wuri, ko dai a cuci mai raunin ko a dawo maka.

Abin da aka amince a kai a rubuta shi: sunayen ɓangarori biyu da lambobin katinsu na ɗan ƙasa, ranar faɗuwar, adadin kuɗin da yadda za a biya, abin da aka riga aka bayar, da jimlar da ke cewa wannan shi ne biya na ƙarshe a kan wannan rauni. Mai raunin da kanta za ta sa hannu, ba mijinta ko ɗanta ba. In ba ta karatu, a karanta mata da harshen da take ji, wanda ya karanta ya rubuta a ƙasan takardar cewa ya karanta mata ta fahimta kafin ta dangwala, domin dokar Gana tana kare wanda ba ya karatu, kuma takardar da ba ta da wannan bayanin tana iya rushewa a kotu. In yaro ne ya ji raunin, ko raunin ya bar naƙasa, ko an rasa rai, kada a rubuta komai sai da lauya; wanda ba shi da hali ya nufi Hukumar Tallafin Shari'a. Biya kashi-kashi ba laifi ba ne in an rubuta ranakun, kuma kowane kashi ya bi ta momo ko a karɓi sa hannu a bayan takardar a gaban shaidun da suka zauna sulhun.